Yadda za ku auna faɗuwar gini a CI ku gano gwaje-gwaje masu baki biyu

Idan ƙungiyarku ta masu gina manhaja tana amfani da CI, wato tsarin da ke haɗa kod ya gwada shi duk lokacin da wani ya tura canji, kun saba da launuka biyu: kore idan komai ya wuce, ja idan wani abu ya faɗi. Amfanin jan shi ne ya tsayar da mutum ya ce masa akwai matsala a abin da ya turo. Ranar da ma'aikata suka fara ganin ja su danna `Re-run jobs` ba tare da sun buɗe sun karanta ba, tsarin ya fara mutuwa ko da injinan suna ta aiki. Abin da ke kai mutane ga wannan hali shi ne gwaji mai baki biyu: gwajin da zai wuce yanzu, ya faɗi anjima, alhali ko harafi ɗaya ba a canza a kod ɗin ba. Sikelin da ya ba buhu ɗaya nauyi biyu ba wanda zai ƙara sayen kaya da shi.

Saboda haka lambar da mutane suka fi tambaya, wato kashi nawa cikin ɗari na gininmu ke faɗuwa, ba ta gaya muku komai sai an tsaga ta. Aikin wannan jagora shi ne tsagawar. Zan yi amfani da GitHub Actions da pytest a misalai, amma tunanin ɗaya ne a GitLab CI ko Jenkins.

Mataki na farko: raba babban reshe da sauran rassa

Kada ku haɗa ginin `main` da na `pull request` a ƙidaya ɗaya, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Ginin `pull request` an yi shi ne don ya kama kuskure kafin ya shiga, don haka faɗuwarsa sau da yawa nasara ce. Idan ma kuka ga kusan ba ya faɗuwa, ku bincika ko gwaje-gwajen suna taɓa abin da ya kamata. Ginin `main` kuwa ya zo ne bayan an riga an gwada an amince, kuma daga nan ake fitar da manhaja ga masu amfani. Ja a nan yana tsayar da kowa. Da shi za mu fara.

Ku ɗauko tarihin zagayen kwana 30:

```
gh run list --workflow ci.yml --branch main --event push \
  --limit 500 --created "$(date -d '30 days ago' +%F)..$(date +%F)" \
  --json databaseId,headSha,conclusion,attempt,createdAt > runs.json
```

Akwai tarko a cikin wannan fayil, kuma shi ya sa allunan rahoto da yawa ke nuna lafiya inda babu ita. Filin `conclusion` yana nuna sakamakon yunƙuri na ƙarshe ne. Idan zagaye ya faɗi, wani ya sake kunna shi ya wuce, za ku ga `success`, faɗuwar farko ta ɓuya. Filin `attempt` ne ke tona asirin: duk zagayen da `attempt` ɗinsa ya haura 1 an sake kunna shi. Ga yadda za ku ƙirga waɗanda suka wuce bayan an sake:

```
jq '[.[] | select(.attempt > 1 and .conclusion == "success")] | length' runs.json
```

Ku cire zagayen da aka soke, masu `cancelled`, daga lissafi, domin galibi sabon turi ne ya kori tsohon. Amma ku leƙa su kafin ku jefar, saboda aikin da ya maƙale har lokacinsa ya ƙare yana iya faɗowa cikinsu. A GitHub Actions, idan ba ku sa `timeout-minutes` ba, aiki na iya zama a maƙale har minti 360.

Mataki na biyu: tsaga jan gida uku

Mu ɗauki misali na ƙirƙira don lissafin ya fito fili. Ƙungiya ce mai manhajar karɓar kuɗi. A kwana 30 sun yi zagaye 240 a `main`. An soke 20, saura 220. Daga cikin 220 ɗin, 18 ne ke nuna `failure`, don haka allon rahoto yana cewa faɗuwa kashi 8 ce cikin ɗari. Amma umarnin da ke sama ya ba da 26, wato zagaye 26 da suka faɗi da farko aka sake su suka wuce. Ainihin faɗuwa a yunƙurin farko ita ce 44 cikin 220, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Wannan ne abin da ma'aikata ke gani kullum, kuma shi ke gina musu ɗabi'a.

Yanzu sai a zauna a karanta 44 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Babu hanyar yanke a karon farko, kuma aikin wuni ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wannan umarni yana nuna abin da ya faɗi a yunƙurin farko:

```
gh run view <id> --attempt 1 --log-failed
```

Kowace faɗuwa ku jefa ta a ɗaya daga gida uku. Gida na farko kuskure ne na gaske a kod: ya faɗi, bai wuce ba sai da aka turo gyara. Gida na biyu matsalar kayan aiki ce: an kasa sauko da wani kunshi daga intanet, faifai ya cika, injin ya mutu a tsakiyar aiki, ko Docker Hub ya hana saukewa saboda an haura iyaka. Gida na uku gwaji ne mai baki biyu: wani gwaji takamaimai ya faɗi, sannan ya wuce a kan `commit` ɗin nan ɗaya.

A misalinmu, 18 suka shiga gidan farko, 7 na biyu, 19 na uku. Lambar da na fi so ku riƙe ita ce wannan: 26 cikin 44, kusan kashi 59 cikin ɗari na jan da suke gani, ƙararrawar banza ce. Mutumin da ya danna sake ba tare da karantawa ba yana da gaskiya fiye da rabin lokaci, don haka faɗa ba zai canza shi ba. Sai an rage lambar.

Gida na biyu da na uku sukan yi kama, amma masu gyaransu daban ne. Matsalar kayan aiki ana magance ta da ajiye kunshi a kusa, ƙara wa inji ƙarfi, da kulle sigar kowane kunshi. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci ga awon kansa: idan gininku yana ɗauko sabuwar siga duk lokacin da ya tashi, `commit` ɗaya na safe da na yamma ba abu ɗaya ake gwadawa ba. Ku yi amfani da fayil ɗin kulle siga, kamar `package-lock.json` tare da `npm ci`, kafin ku ɗora wa gwaji laifi.

Mataki na uku: sauka zuwa kowane gwaji

Karanta rajista da ido ba zai ɗore ba. Kuna bukatar sakamakon kowane gwaji a kowane zagaye a ajiye wuri ɗaya. Kusan duk kayan gwaji suna iya fitar da rahoto a tsarin JUnit XML. A pytest `--junitxml=report.xml` ne. Ku ɗora fayil ɗin da `actions/upload-artifact`, kuma ku sa `if: always()` a matakin. Idan ba ku sa ba, matakin ba zai gudana ba idan gwaji ya faɗi, sai ku tara rahoton ranakun lafiya kawai. Ku tuna kuma GitHub yana goge waɗannan fayiloli da rajista bayan kwana 90 idan ba a canza saitin ba, don haka ku riƙa kwashe su zuwa rumbun bayanai naku. SQLite ma ya isa. Tebur ɗaya mai sunan gwaji, `sha` wato lambar shaidar `commit`, sakamako, tsawon lokaci, da sa'ar da ya gudana.

Daga nan ma'anar baki biyu ta zama tambaya mai sauƙi: wane gwaji ne ya ba da sakamako biyu a kan `sha` ɗaya?

```
SELECT test, COUNT(*) AS n FROM (
  SELECT test, sha FROM results
  WHERE status IN ('passed','failed')
  GROUP BY test, sha HAVING COUNT(DISTINCT status) > 1
) GROUP BY test ORDER BY n DESC;
```

Idan kuna gwadawa a kan sigogin Python ko na burauza daban-daban, ku ƙara wannan fili a cikin `GROUP BY`, don kada gwajin da ke faɗuwa kullum a siga ɗaya ya shigo jerin da kuskure.

Wannan tambaya tana da iyaka. Tana ganin abin da aka sake kunnawa ne kawai. Gwajin da ya faɗi, wani ya turo canjin da bai shafe shi ba, sai ya wuce, zai shiga gidan farko alhali ba nan ne wurinsa ba. Maganin shi ne zagayen dare: ku sa `schedule` ya gudanar da duk gwaje-gwajen `main` sau biyar ko goma a kan `commit` ɗaya lokacin da ba kowa ke jira. Duk abin da ya saɓa wa kansa a can ya bayyana ke nan.

Kada ƙaramar lamba ta yaudare ku. Idan kuna da gwaji 400, kowanne yana faɗuwa ba dalili sau ɗaya cikin dubu, yiwuwar duka su wuce a zagaye ɗaya ita ce `0.999^400`, kusan kashi 67 cikin ɗari. Zagaye ɗaya cikin uku zai yi ja ba tare da laifin kowa ba. Matsalar ba ta ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ce. A 2016 John Micco na Google ya rubuta cewa kusan kashi 1.5 na duk gudanar da gwaji a kamfanin suna ba da sakamako mai baki biyu, kusan kashi 16 na gwaje-gwajensu suna da wannan ɗabi'a ko yaya, kuma kusan kashi 84 na sauyin da suke gani daga wucewa zuwa faɗuwa ya shafi irin wannan gwaji.

Abin da ke sa aikin ya yi sauƙi shi ne laifin yakan taru a wuri kaɗan. A misalinmu, daga faɗuwa 19, gwaji ɗaya ya ɗauki 11, wani ya ɗauki 5, sauran 3 a warwatse. Gyara biyun zai sauko da ƙararrawar banza daga 26 zuwa 10.

Mataki na huɗu: gano dalili

Binciken da Qingzhou Luo da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois suka wallafa a 2014 ya duba gyare-gyare 201 na irin waɗannan gwaje-gwaje a ayyukan Apache. Manyan dalilai uku suka fito: rashin jiran aikin da ke gudana a bayan fage yadda ya kamata, wanda ya fi kowanne yawa, sai ayyuka masu gudana lokaci guda suna takun juna, sai dogaro da jerin da gwaje-gwaje ke bi. Da waɗannan ukun za ku fara zargi.

Mu buɗe gwajin nan mai faɗuwa 11. Yana biyan kuɗi, sannan ya duba ko an fitar da rasit. Fitar da rasit ɗin wani aiki ne a layin jira:

```
pay(order)
time.sleep(2)
assert receipt_exists(order)
```

A kwamfutar wanda ya rubuta shi rasit na fitowa cikin rabin daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyu ta yi masa kamar yalwa. A injin CI, inda ayyuka da yawa ke rabon ƙarfi ɗaya, wani lokaci yakan ɗauki daƙiƙa uku. Alamar da za ku gane wannan ciwo ita ce a teburinku: zagayen da gwajin ya faɗi su ne zagayen da komai ya yi jinkiri. Don tabbatarwa, ku rage jiran zuwa `0.1` ku ga ko zai faɗi kullum da saƙo iri ɗaya. Idan ya faɗi haka, kun kama shi.

Mayar da 2 zuwa 10 shi ne gyaran da ya fi zuwa hannu, kuma ba na ba da shawararsa. Yana ƙara daƙiƙa takwas a kowane zagaye har abada, kuma bai kawar da matsalar ba, ya dai matsar da ita gaba. Gyara na gaske shi ne a jira abin da ake nema, a riƙa leƙawa, da iyakar lokaci:

```
deadline = time.monotonic() + 15
while not receipt_exists(order):
    assert time.monotonic() < deadline, "rasit bai fito ba"
    time.sleep(0.1)
```

Yanzu a rana mai sauri gwajin zai gama cikin rabin daƙiƙa, a rana mai nauyi zai yi haƙuri, idan kuma rasit ɗin bai fito ba sam zai faɗi da saƙo mai ma'ana.

Kafin ku rufe maganar, akwai tambayar da bai kamata a tsallake ba: jinkirin nan a injin gwaji kaɗai yake, ko masu amfani ma suna ganinsa? Wani lokaci gwajin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ke da baki biyu. Idan ayyuka biyu suna rubutu a layi ɗaya na rumbun bayanai ba tare da kulle ba, gwajin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin ashirin yana ba ku labarin kuskuren da zai taɓa kuɗin mutane. Shi ya sa nake nacewa a karanta saƙon faɗuwar kafin a yanke hukunci.

Gwaji na biyu, mai faɗuwa 5, teburin ya nuna duk faɗuwarsa tsakanin ƙarfe 23:00 da 00:00 ne a agogon UTC. Injinan GitHub suna kan UTC, manhajar kuwa tana lissafin rana da `Africa/Lagos`, wanda ke gaban UTC da awa ɗaya. A wannan awa, gwajin yana ganin yau, manhajar ta riga ta shiga gobe, sai rahoton cinikin rana ya saɓa. Da safe aka sake kunnawa ya wuce. Gyaran shi ne a daskarar da agogo a cikin gwajin, da kaya irin `freezegun` ko ta hanyar miƙa wa aikin lokacin da kuke so, sannan a rubuta gwaji na musamman ga wannan awa ta tsakar dare. Ba don filin sa'a da ke cikin teburin ba, da an daɗe ana lalube.

Dogaro da jeri kuwa gano shi ba wuya. Ku gudanar da gwajin shi kaɗai, sannan ku cakuɗa jerin da `pytest-randomly`, ko `go test -shuffle=on` ga masu Go. Dukansu suna buga lambar da suka cakuɗa da ita, don ku iya maimaita jerin da ya jawo faɗuwa.

Sau nawa za a gwada kafin a ce an gyara?

Nan ne ake yawan yin gaggawa. Gwajin rasit yana faɗuwa 11 cikin 220, kashi 5 cikin ɗari. Ko ba ku taɓa shi ba, yiwuwar ya wuce sau goma a jere ita ce `0.95^10`, kusan kashi 60 cikin ɗari. Wucewa goma ba hujja ba ce. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a raba 3 da yawan faɗuwarsa: 3 a raba da 0.05 ya ba da 60. Idan ya wuce sau 60 a jere, yiwuwar hakan ta faru bisa sa'a ta sauko ƙasa da kashi 5. Gwajin da ke faɗuwa kashi 2 zai bukaci kusan 150. Ku yi maimaicin da `pytest-repeat` da `--count 60`, kuma ku yi shi a injin CI, domin can ne ciwon ke tashi.

Mataki na biyar: killacewa da sake kunnawa

Ba duk gwaji ne za a gyara a ranar da aka gano shi ba. Kafin a gyara, ku cire shi daga hanyar mutane amma ya ci gaba da gudana. Ku sa masa alamar `@pytest.mark.quarantine`, babban aikin ya gudana da `pytest -m "not quarantine"`, wani aiki na gefe mai `continue-on-error: true` ya gudanar da killatattun yana tara sakamakonsu. Kowane gwajin da aka killace ya samu mai shi da sunansa da ranar ƙarshe, misali mako biyu. Ranar ta cika, ko a gyara ko a goge da sanin kowa. Ku sa iyaka ga yawansu ma, domin duk gwajin da ke killace wani ɓangare ne na manhajar da ba kowa ke gadinsa.

Sake kunnawa kai-tsaye, irin `--reruns 2` na `pytest-rerunfailures`, yana kwantar da hankali, kuma haɗarinsa a lissafe yake. Kuskure na gaske da ke bayyana sau ɗaya cikin goma sai ya faɗi sau uku a jere kafin ginin ya yi ja, wato sau ɗaya cikin dubu. Kun ɓoye shi ke nan. Idan dole ne ku yi amfani da shi, ku taƙaita shi ga gwaje-gwajen burauza masu nauyi, kuma duk yunƙurin da ya faɗi ya shiga teburinku. Playwright yana taimakawa a nan, domin gwajin da ya wuce bayan maimaici yana sa masa lakabin `flaky` daban da `passed`.

Abin da za ku riƙa dubawa kowane mako

Lamba huɗu sun isa: faɗuwar `main` a yunƙurin farko, kason ƙararrawar banza a cikinta, yawan gwaje-gwajen da ke killace tare da shekarun mafi tsufa, da tsawon lokacin da `main` ke zama ja kafin ya koma kore. Ta ƙarshen tana bukatar kulawa wajen ƙirga. Faɗuwa 18 na gaske a misalinmu wataƙila karyewa shida ce kawai, domin idan `main` ya karye mutum uku suka tura aiki a kai, duk ukun za su yi ja da laifi ɗaya. Ku ƙirga daga jan farko zuwa koren da ya biyo baya a matsayin abu ɗaya, ku ɗauki na tsakiya a jerin lokutan, tare da mafi tsawo. Ƙungiyar da `main` ɗinta ke karyewa sau shida a wata ta gyara cikin minti ashirin ta fi lafiya a kan wadda ke karyewa sau biyu ta kwana biyu a ja.

Ku duba lambobin a kan kwana 30 masu tafiya, domin zagaye 50 na mako ɗaya sun yi kaɗan, faɗuwa uku kawai za su motsa kason da maki shida. Kada kuma ku jera sunayen ma'aikata da yawan ginin da kowa ya karya. Da zarar an yi haka mutane za su fara tara canji mai yawa su tura sau ɗaya, ko su sassauta gwaji, lambar ta yi kyau aikin ya lalace.

Waɗannan lambobi suna tsayawa ne a bakin ƙofar fitarwa. Awon da DORA, ƙungiyar bincike kan fitar da manhaja, ke kira `change failure rate` yana ƙirga fitarwar da ta jawo matsala ga masu amfani har aka bukaci gyaran gaggawa ko komawa baya, kuma abu ne daban da faɗuwar gini. Ku ajiye su kusa da juna a allo ɗaya. Idan ginin kore ne kusan kullum amma fitarwa na ci gaba da lalacewa, ku ɗauki matsaloli biyar na ƙarshe da suka kai ga masu amfani, ku tambayi kowacce wane gwaji ne ya kamata ya kama ta, sannan ku duba ko gwajin babu shi ne, ko yana killace, ko maimaici ne ya rufe faɗuwarsa.